Waya tana shiga, kwamfuta tana ƙi: ina matsalar take?

"Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, muna da shafin da muke shigar da makin ɗalibai. A wayata yana buɗewa lafiya lau, amma a laftof ɗina idan na sa suna da kalmar sirri, wani lokaci ya ce akwai kuskure, wani lokaci kuma ya dawo da ni wurin sa suna kamar ban yi komai ba. Da datar wayar nake haɗa laftof ɗin. Kutse aka yi mini ne, ko in canza kalmar sirrin?"

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai ina roƙonka abu biyu. Kada ka fita daga asusun a wayar, kuma kada ka canza kalmar sirrin tukuna. Wayar nan ita ce ƙofa ɗaya da ta rage maka a buɗe, kuma abu biyun nan kowanne yana iya rufe ta. Na sha ganin mutum ya zo da matsala a na'ura ɗaya, ya ce bari ya fita ya sake shiga a ɗayar don ya gwada, ya wayi gari babu inda yake iya shiga, ga lokacin miƙa sakamako ya ƙarato. Batun kutse kuma, abin da ka bayyana bai yi kama da shi ba. Zan dawo kansa.

Dalilin roƙon nan shi ne ginshiƙin amsar gaba ɗaya. Akwai yiwuwar wayarka ba shiga take yi ba. Ta shiga tun tuni, a ciki take zaune.

Ga yadda abin yake. Shafin makarantarku yana zaune ne a kan wata kwamfuta da ake kira saba. Ranar da ka fara sa suna da kalmar sirri a waya, sabar ta duba ta ga daidai ne, sai ta ba wayar wata doguwar lamba ta shaida. Burauza tana ajiye lambar a cikin abin da ake kira kuki, manhaja kuma tana ajiye ta a ma'ajiyarta. Daga ranar, duk buɗewar da ka yi, lambar ce wayar ke nunawa, ba kalmar sirri ba. Kamar wanda ya ajiye babur a bakin kasuwa aka ba shi tali: idan ya dawo ba a tambayarsa sunansa ko takardun babur, talin kawai ake dubawa. Wasu shafukan shaidarsu ta awa ɗaya ce, wasu ta makonni, wasu kuma suna sabunta ta a ɓoye duk lokacin da ka buɗe, har mutum ya shekara bai rubuta kalmar sirrinsa ba.

Saboda haka buɗewar da shafin ke yi a waya ba ta tabbatar da cewa kalmar sirrin da ke kanka daidai ce ba. Abin da ta tabbatar shi ne asusunka yana nan, ba a rufe shi ba, kuma sabar tana aiki. Wannan ma ba ƙaramin bayani ba ne, amma bai kai abin da mutane ke ɗauka ba. Laftof ɗin shi ne ke bin dukkan matakan shiga daga farko, kuma a ɗaya daga cikinsu yake tuntuɓe. Aikinmu shi ne gano wanne.

Gwajin farko a wayar za a yi shi

Buɗe Chrome a wayar, ka danna ɗigo ukun nan na sama, ka zaɓi New Incognito tab. Wannan taga ce da ba ta san kukis ɗin da ke ajiye ba, don haka shafin zai ɗauke ka baƙo. Rubuta adireshin shafin, ka sa suna da kalmar sirri da hannunka, harafi bayan harafi, kada ka karɓi wadda wayar ta miƙo maka. Tsohuwar shigarka tana nan a ɗaya tagar, ba ka fita daga cikinta ba.

Idan ya ƙi a nan ma, to laftof ba shi da laifi, kalmar da kake tunawa ce ba ita ba ce. Wannan yakan faru idan ofis ya sake wa kowa kalmar sirri a farkon zango, ko kai da kanka ka canza ta watanni baya. Kafin ka nemi sabuwa, duba Google Password Manager a cikin Settings na Chrome, sau da yawa ta gaskiyar tana ajiye a can, za ka gan ta bayan ka sa lambar buɗe waya. Kada ka wuce gwaji biyu. Shafuka da yawa suna kulle asusu na ɗan lokaci bayan kuskure kaɗan a jere, sai ka ƙara wa kanka matsala ta biyu a kan ta farko, kuma saƙon da za ka riƙa gani daga nan zai ruɗe ka.

Idan kuwa ya buɗe, ka sami tabbaci mai ƙarfi: suna daidai, kalmar sirri daidai, datarka ma lafiya. Kafin ka rufe tagar, kalli adireshin da ke sama sosai, ka kwatanta shi da wanda ke laftof. Makarantu da yawa suna da ƙofar malamai daban da ta ɗalibai, kuma kamanninsu ɗaya. Wani lokaci kuma an koma sabon adireshi, tsohon yana nan a ajiye a laftof. Idan ta hanyar bincike kake nemo shafin a laftof kana danna na farkon da ya fito, ka daina. Nan ne a cikin labarinka batun kutse zai iya shigowa, domin shafin bogi haka yake yi: ya karɓi kalmarka, ya ce akwai kuskure, ya dawo da kai farko. Idan ka ga adireshin biyu sun bambanta da ko harafi ɗaya, kuma na laftof ba na makaranta ba ne, to a wannan halin ka canza kalmar sirri nan take daga wayar, ka sanar da mai kula da shafin.

Idan adireshin ɗaya ne, mu koma kan laftof. Ka ambaci alamomi biyu, kuma a wurina ba abu ɗaya ba ne. Na farko shafin yana magana, na biyu yana yin shiru.

Lokacin da shafin ya ce kalmar ba daidai ba ce

Idan saƙon irin Incorrect password ne ko Invalid credentials, sabar ce ke magana, kuma gaskiya take faɗa: abin da ya iso mata ba shi ne ke ajiye a wurinta ba. Tambayar ita ce me ya canza tsakanin yatsanka da sabar. Tun da haruffan a ɓoye suke, ɗigo-ɗigo kawai kake gani, buɗe Notepad ka rubuta kalmar a can yadda ka saba. Mutane da yawa a nan suke riƙe baki.

Yawancin laftof ɗin da ke hannunmu na hannu ne, daga ƙasashe daban-daban, kuma abin da aka zana a jikin maɓalli ba lallai ya zama shi Windows ke fitarwa ba. A tsarin kibod na Amurka, Shift da 2 suna ba da @. A tsarin Birtaniya, maɓallan nan biyu suna ba da alamar ", ita kuma @ ta koma kusa da Enter. Haka Shift da 3: a na Amurka #, a na Birtaniya £. Ga 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru da ke amfani da tsarin Faransa, A da Q sun yi musaya, Z da W ma haka, kuma lambobin sama ba sa fitowa sai an danne Shift. Duba kusa da agogo a ƙasan allo, za ka ga ENG US ko ENG UK ko FRA. Maɓallin Windows da Space tare suna sauya tsarin, kuma da yake ana iya danna su bisa kuskure, wannan yana bayyana dalilin da zai sa yau ya karɓa gobe ya ƙi. A wasu tsofaffin laftof marasa ɓangaren lambobi a gefe, idan Num Lock ya kunnu, J da K da L suna zama 1 da 2 da 3.

Akwai kuma namu na gida. Wanda ya ƙirƙiri kalmar sirrinsa a waya da kibod ɗin Hausa, ya sa ƙ ko ɗ ko ɓ a ciki, idan ya zo laftof ya rubuta k ko d ko b, a wurin sabar haruffa ne daban gaba ɗaya. Ina ba da shawarar a bar haruffa masu lanƙwasa a kalmar sirri, ba don suna da aibi ba, sai don ba kowace na'ura za ka same su a kai ba ranar da kake cikin sauri.

Idan Notepad ya nuna kalmar daidai, duba ko burauzar ce ke cike gurbin da kanta. Tana iya riƙe da tsohuwar kalma tun bara, ta zuba ta kafin ka taɓa komai. Goge abin da ke gurbin gaba ɗaya ka rubuta da hannu. Idan kwafowa kake yi daga saƙo, lura da gurbin banza da ke maƙalewa a ƙarshe, shi ma harafi ne a wurin sabar.

Lokacin da ya dawo da kai ba tare da cewa komai ba

Wannan alamar ce ta fi jan hankalina a tambayarka, kuma ita ce mutane suka fi yi wa mummunar fahimta. Idan ka danna shiga, shafin ya yi kamar zai wuce, sannan ya dawo da kai wurin sa suna babu jan rubutu, ma'anarsa a mafi yawan lokuta ita ce kalmar sirrinka ta karɓu. Sabar ta yarda da kai, ta ba laftof shaidar shiga. Matsalar ta faru ne bayan nan: ko laftof bai ajiye shaidar ba, ko ya gauraya ta da tsohuwa, ko ya ɗauka ta riga ta mutu. Canza kalmar sirri sau goma ba zai taɓa wannan ba.

Gwajin daidai yake da na waya. A Chrome na laftof danna Ctrl+Shift+N, a Firefox kuma Ctrl+Shift+P, ka gwada shiga. Idan ya wuce, to tsohon kuki ne ya lalace, ko wani ƙarin da aka ɗora wa burauzar, irin masu toshe talla, ke tare hanya, domin a wannan tagar ba sa aiki sai an ba su izini. Tsohon kuki yakan zama matsala bayan an yi wa shafin gyara: burauza ta aika tsoho da sabo tare, sabar ta karanta tsohon, ta ce ba ta san shi ba. Wani lokaci har za ka ga `ERR_TOO_MANY_REDIRECTS`, wato shafin shiga yana tura ka ciki, ciki yana mayar da kai shafin shiga, har burauza ta gaji ta tsaya. Maganinsa goge bayanan wannan shafin kaɗai. Rubuta wannan a wurin adireshi:

```
chrome://settings/content/all
```

Nemo sunan shafin makarantar a jerin, ka goge nasa. Ba na son shawarar nan da ake yawan bayarwa ta a goge komai da komai, domin tana fitar da mutum daga duk asusun da yake ciki a laftof ɗin, har da waɗanda ya manta kalmarsu.

To idan a sabuwar tagar ma ya dawo da kai fa? Nan ne nake duba agogo, kuma bari in ba ka wani aiki da na yi, don ya yi kama da naka ƙwarai.

Wata ma'aikaciyar ofis ce ta kawo mini laftof a watan Janairu. Shafin da suke aiki da shi yana buɗewa a wayarta, a laftof kuma da ta shiga sai ta hango shafin ciki na ƙiftawar ido, ya jefo ta waje. An goge mata kukis, an sauke mata wata burauza, ofishinsu sun sake mata kalmar sirri, duk a banza. Sauran shafuka suna buɗewa lafiya. Na kalli agogon ƙasan allo, ƙarfe 10 na safe, daidai da na wayata, kwanan wata ma daidai. A ido babu abin zargi.

Sai na danna F12, na shiga ɓangaren Network, na ce ta sake shiga ina kallo. Buƙatar shiga ta tafi, sabar ta amsa da 200, wato ta karɓa, ga shaidar ta dawo. Babu 401, wanda ke nufin ba a gane ka ba, babu 403, wanda ke nufin an hana ka. Sabar ba ta kore ta ba ke nan. Shafin ne da kansa, daga cikin laftof, ke komawa baya. Shafuka da yawa na zamani haka aka gina su: shaidar tana ɗauke da lokacin mutuwarta a rubuce, shi kuma ɓangaren shafin da ke gudana a burauzarka yana kwatanta lokacin da agogon na'urarka. Idan ya ga lokacin ya wuce, sai ya mayar da kai ka sake shiga.

Na buɗe Settings, Time & language, Date & time. Yankin lokaci yana kan `(UTC-08:00) Pacific Time (US & Canada)`, wato lokacin yammacin Amurka. Wanda ya ɗora mata Windows bai canza yankin ba. Da ya ga agogo bai yi daidai ba, sai ya kashe Set time automatically, ya juya agogon da hannu har ya nuna lokacin gida.

Ga lissafin. Kwamfutoci ba sa magana da juna da lokacin gari, suna amfani da lokaci ɗaya na duniya da ake kira UTC. Najeriya da Nijar suna gaba da shi da awa ɗaya, don haka ƙarfe 10 na safe a Kano ko Maraɗi ƙarfe 9 ne a UTC. Sabar ta ba da shaida ta awa ɗaya, za ta mutu ƙarfe 10 na UTC. Shi kuwa laftof yana ganin ƙarfe 10 a fuskarsa, kuma an gaya masa yana yankin da ke baya da awa 8, sai ya lissafa cewa a UTC ƙarfe 6 na yamma ne. Ya yi gaba da duniya da awa 9. A ganinsa, shaidar da aka miƙa masa yanzu-yanzu ta mutu tun awa 8 da suka wuce. Wayarta ba ta da wannan matsalar saboda tana karɓar lokaci da yanki daga kamfanin layi.

Gyaran bai ɗauki minti biyu ba. Na mayar da yankin `(UTC+01:00) West Central Africa`, na kunna Set time automatically, na danna Sync now. Bayan gyara yankin da kunna Set time automatically, wanda ya fi son rubuta umarni maimakon danna Sync now zai iya buɗe Command Prompt da Run as administrator ya sa:

```
net start w32time
w32tm /resync
```

Ta sake shiga, shafin ya tsaya. Abin da nake so ka ɗauka daga nan shi ne kada ka tsaya a kallon agogo, buɗe ka ga yankin. Kamaru da Chadi yankinsu ɗaya da namu, Gana tana kan UTC daidai, Sudan kuma tana gaba da UTC da awa biyu.

Idan ka gyara agogo, ka kashe laftof ya kwana, ka tarar ya sake komawa wata tsohuwar shekara, to ƙaramin batirin da ke riƙe agogo a cikin na'urar ne ya mutu. A yawancin kwamfutocin tebur mai kama da kwabo ne, lambarsa CR2032, a laftof kuma sau da yawa yana naɗe da 'yar waya a jikinsa. Duk mai gyara ya san shi, kuma ba shi da tsada. An fi ganin haka a laftof ɗin da babban batirinsa ya riga ya mutu, wanda ke ɗaukewa da zarar an ɗauke wuta.

Tun da muna kan agogo, idan shafinku yana neman lambobi shida daga manhajar tantancewa, irin waɗanda ke canzawa duk daƙiƙa 30, su ma daga lokaci ake lissafa su. Amma a nan agogon na'urar da ke fitar da lambar ne ke da muhimmanci, wato wayar. Idan an saita ta da hannu ta yi gaba ko baya da minti biyu, duk lambar da ta bayar za a ƙi ta a laftof, alhali ita wayar tana ciki da tsohuwar shaidarta. Mai shi sai ya zargi laftof, laifin kuwa yana aljihunsa.

Idan kuskuren ya zo kafin ka ga wurin sa suna

Ba ka ambaci wannan ba, amma da yawa masu irin tambayarka shi suke gani. Allo ya cika da gargaɗin Your connection is not private. Wannan ba shafin ne ke magana ba, burauza ce, tun kafin a kai ga batun suna. Kowane shafi mai https yana da satifiket da ke tabbatar da cewa shi ne, kuma satifiket ɗin yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasan gargaɗin. Idan `NET::ERR_CERT_DATE_INVALID` ne kuma shafin yana buɗewa a wata na'ura, agogo ne. Satifiket ɗin kyauta na Let's Encrypt, da shafuka masu ɗimbin yawa ke amfani da shi, an saba ba da shi na kwana 90, don haka agogon da ya koma baya da wata biyu ko uku ya isa ya sa burauza ta ce lokacinsa bai yi ba tukuna. Wannan ne ma ya sa laftof ɗin matar nan bai taɓa nuna wannan gargaɗin ba: awa 9 ba komai ba ce a cikin kwana 90, amma ta fi ƙarfin shaidar awa ɗaya.

Idan kuwa `NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID` ne, sau da yawa tsufa ne. Kowace na'ura tana da jerin hukumomin satifiket da ta yarda da su, kuma jerin yana zuwa ne da sabuntawa. A ranar 30 ga Satumba 2021 wani tsohon satifiket na tushe mai suna DST Root CA X3 ya ƙare, kwamfutoci da yawa da aka daɗe ba a sabunta su ba suka daina buɗe shafuka a rana ɗaya. Wayoyin Android da ke ƙasa da 7.1.1 an ɗan tsawaita musu, amma zuwa 2024 su ma abin ya iso gare su. Ga kuma Windows 7, wanda Chrome 109 na Janairun 2023 ne na ƙarshe da ke hawa kansa, shafukan da aka gina bayan nan kuwa ba lallai su yi aiki daidai da shi ba. Firefox yana tafe da nasa jerin hukumomin, shi ya sa yakan buɗe abin da wata burauza ta ƙi a tsohuwar na'ura. Mafita ce ta wucin gadi. Abin da ba na so ka yi shi ne danna Advanced ka wuce gargaɗin sannan ka sa kalmar sirri. Makin yaran mutane ne a ciki, kuma a wannan halin ba ka da tabbacin wa kake miƙa wa.

Hanyar intanet ita ce abin da na bari a ƙarshe, saboda ka riga ka cire ta da kanka: da datar waya ɗaya na'urorin biyu ke fita, sabar tana ganinsu daga wuri ɗaya. Abu ɗaya kawai za ka duba, ko akwai VPN a laftof ɗin, a matsayin manhaja ko ƙari a burauza. Yara sukan ɗora su manta. Idan yana kunne, sabar tana ganin laftof yana zuwa daga wata ƙasa, kuma wasu shafukan suna toshe hakan.

Inda ikonka ya tsaya

Duk abin da na lissafa a hannunka yake. Akwai wanda ba ya hannunka. Wasu shafukan da gangan suke ɗaure asusu da na'ura ɗaya, kamar yadda manhajojin banki ke yi, sai an yi rajistar sabuwa. Wasu ba sa yarda da shiga biyu a lokaci guda. Wani lokaci kuma manhajar waya da shafin burauza hanyoyi biyu ne daban zuwa sabar, ɗaya ta lalace ɗaya tana aiki. Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce ka roƙi abokin aikinka ya shiga nasa asusun a laftof ɗinka, kai kuma ka shiga naka a nasa. Idan nasa ya ƙi a naka, laftof ɗinka ne. Idan naka ya ƙi a nasa alhali shi yana shiga, asusunka ne aka yi wa wani ƙa'ida. Idan duk kun kasa a kowace kwamfuta, shafin ne ke da matsala. Ku yi gwajin a tagar Incognito, ku rufe ta bayan kun gama, don kada kalmar wani ta zauna a na'urar wani.

Daga nesa ba zan iya yanke maka hukunci ba, amma bisa alamomin da ka bayar, zargina ya fi karkata ga abu biyu da suka haɗu: tsarin kibod ko tsohuwar kalmar da burauza ke cikewa a ranakun da yake cewa kuskure, da kuma yankin lokaci ko tsohon kuki a ranakun da yake dawo da kai shiru. Fara da yankin lokaci, don shi ne mafi saurin dubawa.

Idan ka bi duka bai yi ba, je wurin mai kula da shafin da hoton allon kuskuren yadda yake, wanda adireshin sama da agogon ƙasa suka fito a ciki. Gaya masa ranar da lokacin da ka gwada, sunan burauzar da lambarta, wadda za ka gani idan ka rubuta `chrome://version`, da kuma sakamakon musayar da kuka yi da abokin aikinka. Da lokacin da sunan asusunka zai iya buɗe rajistar sabar ya ga abin da ta amsa maka a daidai wannan mintin. Ba ya buƙatar kalmar sirrinka don yin haka, don haka kada ka ba shi ita, ko da ya tambaya. Allah ya sa a dace, Malam.